Yadda ake gane ko kamfani yana da lasisi kafin ka ba shi kuɗinka

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a shago a Aboabo a nan Kumasi sai ga yayar mahaifiyata ta shigo da takarda a cikin leda, wai wani yaro ne mai nektai yake bin su layi layi a kasuwa yana cewa su kawo kuɗi kamfaninsu ya juya musu, duk wata ribar kashi 10 cikin 100. Ita sidi 5,000 take so ta saka, kuɗin da ta tara na susu wata da watanni. Ta ce "ɗana duba min, ai suna da takardar gwamnati, ga tambari ma." Na karɓa na duba, a saman takardar an rubuta `Certificate of Incorporation`. Na ce Mma wannan takardar haihuwar kamfani ce, ba lasisi ba ne. To abin da muka yi da ita daga nan shi zan rubuta, don wallahi mutanen zango da yawa a wannan takardar ake kama su.

Abu na farko, ka raba rajista da lasisi a ranka. Rajistar kamfani ana yin ta ne a `Office of the Registrar of Companies`, wanda da can mutane suka sani da ofishin rajistara janar, kuma duk wanda ya cika fom ya biya kuɗi zai samu, mai sayar da taya zai samu, mai gidan burodi zai samu. Abin da takardar ke nufi kawai shi ne akwai kamfani mai wannan sunan. Ba ta ce an yarda ya karɓi ajiyar kuɗin mutane ba, ba ta ce an yarda ya sayar da inshora ba. Haka takardar haraji, haka famit ɗin asambili da ake mannawa a bangon shago, duk ba su ne ba. In ka tambayi lasisi aka miƙo maka ɗaya daga cikin waɗannan ana murmushi, to an riga an ba ka rabin amsa.

Na biyu, kafin ka taɓa waya ma, ka tsaya ka tambayi kanka: wai me wannan kamfanin zai yi da kuɗina? Domin amsar ita za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. In ajiya suke karɓa ko bashi suke bayarwa ko canjin dala, wannan na Babban Bankin Ghana ne, dokar bankuna da masu karɓar ajiya ita ce `Act 930` ta 2016. In cewa suka yi za su juya maka kuɗi su saka a hannun jari su ba ka riba, wannan na hukumar `SEC` ne. In inshora ce, ta mota ko ta shago ko ta rai, hukumar `NIC` ce, dokarta `Act 1061` ta 2021. Fansho kuma `NPRA`. Na tambayi Mma yaron ya ce ajiya ce ko jari, ta ce shi dai cewa ya yi duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Saboda haka muka ce za mu duba wuri biyu, babban banki da `SEC`.

Na uku shi ne dubawar kanta, kuma a nan ake yin ganganci. Kar ka danna link ɗin da su suka turo maka a wasap, kar ka yarda da hoton da suka ce sun ɗauko daga shafin hukuma, hoto kowa na iya gyarawa a waya cikin minti biyu. Ka buɗe burauza da hannunka ka rubuta adireshin:

```
bog.gov.gh
sec.gov.gh
nicgh.org
```

A shafin babban banki ka nemi sashen sa ido a kan bankuna, za ka ga jerin sunaye amma an kasa su gida gida, bankuna daban, `Savings and Loans` daban, bankunan karkara daban, maikurofainans daban, masu canji daban. Dole ka bi kowane jeri, kar ka leƙa ɗaya ka ce babu. Kuma sunan da za ka nema shi ne cikakken sunan da ke kan takardar rajista, harafi da harafi, ba sunan da ke kan allo ko rigar yaron ba. Mu da muka duba, mun ga wani suna mai kama da nasu sosai, kalmar farko iri ɗaya, har Mma ta fara cewa ka gani ko. Sai dai na jerin ya ƙare da `Microfinance Limited`, nasu kuma ya ƙare da `Ventures Limited`, kuma adireshin na jerin wani gari ne daban ba Kumasi ba. Wannan tsohuwar dabara ce, a ɗauki suna a jingina shi da na mai lasisi, kamar mai sayar da atamfar roba da ya manna mata tambarin holan. Na kira lambar da ke shafin babban bankin a gaban sunan wancan kamfanin, na ce kuna da reshe a Kumasi, kuna da wakilai a kasuwa? Suka ce ba su da ko ɗaya. A jerin `SEC` kuwa ko mai kama da sunan babu.

Yanzu ga wurin da nake so a daɗe a kai, domin ko ka ga sunan a jeri aikin bai ƙare ba. Lasisi iri iri ne, kowanne da iyakarsa, kamar lasisin tuƙi, mai na babur ba zai ja tirela ba. Misali kamfanin da ke jerin `Microcredit` an ba shi izinin ba da bashi ne kawai, ba a yarda ya karɓi ajiyar kowa ba. To idan irin wannan ya ce ka buɗe asusu kana zuba kuɗi kullum, lasisinsa na gaske ne amma abin da yake yi da kai baya cikin lasisin. Mai canji shi ma haka, canji kawai. A inshora ma kamfanin inshorar rai daban, na mota da gobara da kaya daban, ba a haɗa su a lasisi ɗaya.

Duk wanda ya kai shekara goma yana bin labarai a ƙasar nan ya tuna kamfanin zinari na Menzgold. Suna da takarda, ba wai ba su da komai ba, amma takardar ta sayen zinari da fitar da shi waje ce. Ba ta karɓar kuɗin jama'a da alkawarin riba duk wata ba ce. Babban banki ya yi ta fitar da sanarwa cewa bai ba su lasisin karɓar ajiya ba, mutane suka ce hassada ce, har watan Satumba 2018 `SEC` ta ce su tsaya. Ka san sauran. Shi ya sa tambayar da za ka yi wa wakili ba "kuna da lasisi?" ba ce, kowa zai ce eh. Ka ce masa wace hukuma ce ta ba ku, kuma na yin me?

Na huɗu, ka duba ko lasisin yana da rai. Takarda a firem a bangon ofis ba ta san an soke ta ba, tana nan tana sheƙi. A watan Mayu 2019 babban banki ya soke lasisin kamfanonin maikurofainans 347 a rana ɗaya, a Agusta ya ƙara da 23 na `Savings and Loans` da gidajen ba da rance, a Nuwamba `SEC` ta soke na masu juya jari 53. Duk waɗannan suna da satifiket mai kyau a bango kafin ranar. Don haka jerin da ke shafin hukuma yau shi ne abin dogaro, kuma ka leƙa sashen sanarwa, nan suke saka sunayen waɗanda aka soke da waɗanda ke aiki ba izini, har da manhajojin bashi na waya da ke tona wa mutane asiri. Sai dai kar ka juya maganar, rashin ganin suna a jerin 'yan damfara baya nufin kamfani mai kyau ne, ƙila dai ba a kai gare shi ba tukuna. In abin ya rikice maka, babban banki yana da ofis a nan Kumasi, ɗauki takardar ka je da ƙafarka ka tambaya.

Masu mota ku naku ya fi sauƙi. Tun 2020 akwai rumbun bayanan inshorar motoci, ka danna wannan a kowace irin waya ko da ƙaramar nokiya ce:

```
*920*57#
```

Ka saka lambar motar, zai nuna maka ko akwai inshora mai aiki a kanta da ranar ƙarewa. Ka yi shi a gaban wanda ya sayar maka, kafin ya tafi, in ya ce sai gobe zai hau to gobe ka sake dubawa, in har lokacin babu ka koma masa da rasit ɗinka. Sitikar bogi tana nan da yawa a tasha, kuma ba a gane ta sai ranar hatsari, Allah ya kiyaye. Ko fasinja ma zai iya duba lambar motar haya kafin ya shiga.

Abu na ƙarshe da na duba wa Mma shi ne inda kuɗin zai faɗa. Yaron ya rubuta mata lambar momo a bayan takardar. Na saka lambar kamar zan tura sidi 1, kafin a nemi fin sai suna ya fito, sunan wani mutum ne kawai, ba sunan kamfani ba. Na fasa. Kamfani mai lasisi asusunsa da sunansa yake, rasit ɗinsa da sunansa yake. Ko da kamfanin na gaske ne, in ka tura wa wakili a lambarsa ta kansa, ranar rigima za su ce ba su san zancen ba.

Sannan na yi mata lissafi a bayan ledar. Kashi 10 na 5,000 shi ne 500 a wata, a shekara 6,000, wato ribar ta fi uwar kuɗin. Na ce Mma shekara nawa kina sayar da atamfa, kin taɓa ganin kasuwar da ke ba da haka kowane wata ba faɗuwa ko sau ɗaya? Ta yi shiru, can ta ce amma maƙwabciyarta ta karɓi ribar wata biyu da idonta ta gani. Na ce ai daga cikin kuɗin sababbin shiga ake biyan ta, da naki za a biya ta na wata na uku.

Da yaron ya dawo ranar Litinin Mma ta ce masa "yarona, ɗana ya ce in tambaye ka wace hukuma ce ta ba ku lasisi, kuma na yin me." Ya ce lasisin yana kan hanya, an riga an shigar da takardu a Accra. Ta ce to ba komai, in ya iso ka zo ka same ni, nan nake zama. Ta mayar da kuɗinta cikin lalita ta ci gaba da ninke atamfa.