Takardar ragi da inbois ɗinta: inda ake tafka kuskure idan hoto ne a hannunka

Ina riƙe wa wasu shaguna lissafi a Babbar Kasuwar Sakkwato, kuma yawancin takardun da ke zuwa hannuna hotuna ne ta WhatsApp. Dila a Kano ya turo hoton inbois tare da kaya, bayan mako biyu ko uku ya turo hoton takardar ragi, wato wadda ake rubutawa don a rage kuɗin inbois idan an mayar da kaya ko an yi kuskuren farashi. Duk yaron da na koya wa aikin nan, a wurin haɗa waɗannan biyun yake tuntuɓe.

Kuskure na farko shi ne shigar da takardar ragi kamar sabon inbois. A hoto kamarsu ɗaya: tambarin kamfani ɗaya, layuka iri ɗaya, sau da yawa ma kan takardar ya fita daga hoton. Ni kaina na taɓa faɗawa. An kawo sabulu katan 40, kowane ₦12,000, ya zama ₦480,000, da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari ₦36,000, jimla ₦516,000. Katan 5 suka jiƙe a mota aka mayar, dila ya rubuto ragin ₦64,500, wato ₦60,000 da harajinsu ₦4,500. Maimakon bashin ya koma ₦451,500, littafina ya nuna ₦580,500. Alhaji mai shagon ya dube ni ya ce, "Malam, wanga lissahi naka bai yi daidai da na mutanen Kano ba." Na kwana biyu ina neman takardar ₦129,000 wadda babu ita a duniya. Tun ranar, idan lissafina ya saɓa da na dila, ina fara raba bambancin gida biyu, in duba ko akwai ragi mai wannan adadin. Kuma kuɗin ragi da alamar ɗebewa nake shigar da shi, ba na jiran sai daga baya.

Na biyun ya fi ƙona mini rai, domin ba ya nuna kansa. Takardar ragi lamba biyu gare ta: tata ta kanta, da ta inbois ɗin da take ragewa. Ta biyun ce igiyar, kuma ita ce galibi aka rubuta da biro a gefe, inda hatimi ko inuwar yatsa ke faɗawa. Wani yarona ya karanta 00417, lambar wani inbois na sabulu, a matsayin 00477. Da 00477 babu shi da ya gane, amma akwai shi, na omo ne, kuma an riga an biya shi cif. Sai ragin ya je ya zauna a kan bashin da ya mutu, na sabulu kuwa aka biya shi cikakke. Jimlar asusun dilan ta yi daidai a takarda, shi ya sa wata uku ba wanda ya lura an biya kuɗin katan biyar da ba a karɓa ba.

Haba jama'a, buɗe hoton inbois ɗin minti nawa ne? Ni ba na yarda da lamba ita kaɗai. Sai na ajiye hotunan biyu gefe da gefe, na ga sunan dila ɗaya ne, kayan da aka rage suna cikin inbois ɗin, farashin katan ɗaya ne, kuma ranar ragi ta zo bayan ranar inbois. Sabulun ₦12,000 ba ya cikin inbois na omo. Da yaron ya duba da magana ta ƙare. Idan 1 da 7 ko 0 da 6 suka rikita, ka roƙi a sake ɗauka a turo ta Document, domin hoton da aka tura kai tsaye WhatsApp na rage masa kyau. Kada ka yi canki-canka, kuma kada ka haɗa don kawai kuɗin sun yi kama.

A Excel ina ba ragi shafinsa daban: dila a A, lambar ragin a B, lambar inbois a C. Shafin inbois kuwa sunansa Inbois, dila a A, lambar inbois a B. Sai in sa wannan a D na shafin ragi, don ya ƙirga sau nawa inbois ɗin ya fito a can:

```
=COUNTIFS(Inbois!A:A,A2,Inbois!B:B,C2)
```

Idan ya ba da 0, ragin maraya ne. Idan ya ba da 2, inbois ya shiga sau biyu. Amma irin kuskuren 00477 ba zai kama shi ba, zai ba ka 1 hankali kwance.

Sauran ƙanana ne. Ka mayar da layin lamba Text, in ba haka ba Excel ya cinye sifirin gaba. Dila biyu na iya samun inbois mai lamba ɗaya, don haka suna da lamba tare ake dubawa. Hoton da direba ya turo kuma manaja ya sake turowa ragi ɗaya ne. Ranar da hoto ya shigo wayarka ba ita ce ranar takarda ba. Ragi ɗaya da ya shafi inbois uku kuwa, layi uku nake yi masa, kowanne da nasa kason da harajinsa.