Masu sana'a, ku riƙe lambar launinku

'Yan uwa masu sana'a, launi ya taɓa ba ni wahala. Ina sayar da turaren wuta a Unguwar Rimi, nakan ce wa mai buga takarda “kore nake so” kawai. Sitikar kwalba ta fito kore shar, leda kuwa kamar ganyen da ya kwana, har wata kwastoma ta ɗauka jabu aka kai mata.

Yanzu lambar launin nake bayarwa, wato lambar da ke nuna ainihin koren da nake so, #1B5E20, kuma sai an buga gwaji ɗaya na gani a kan kwalbar, domin launin da ake gani a fuskar waya ya fi na takarda haske. Sunan sana'ar ma rubutu ɗaya nake masa ko'ina. Yarinyar shagona kuma ta san da “sannu da zuwa Hajiya” muke buɗe kowane saƙo.