Wasiƙa ga mai girkin makaranta in ƙwai na wa ɗanki illa

Iyaye mata sun yi ta tambayata yadda na rubuta tawa, to ga shi.

1. Fara da sallama, ki ce mata Baba ko Inna, yadda yara ke kiranta.
2. Rubuta cikakken sunan yaron da ajinsu.
3. Faɗa mata kai tsaye ƙwai na tayar masa da borin jini, ko ɗan kaɗan ne.
4. Jera abin da ba zai ci ba: dafaffen ƙwai, wainar ƙwai, kek, fanke, mayonis, har cincin da burodi in an kwaɓa da ƙwai.

Hattara, nan ake kuskure! Tsame ƙwai daga indomi bai wadatar ba. Nawa ma a cokali ya samu, da shi aka juya ƙwai aka zuba masa shinkafa, kafin a tashi leɓensa ya kumbura.

5. Roƙe ta ta ware masa cokali da kasko.
6. Rubuta alamomi: ƙaiƙayi, kumburin fuska, amai.
7. Ja layi a ƙarƙashin wannan, in numfashi ya fara sarƙewa a kai shi asibiti nan take, a kira ki a hanya.
8. Sa lambar wayarki da ta babansa.
9. Ba shugaban makaranta kwafi.