Yadda na gyara farkon bidiyon kilishina

Ina ɗora gajerun bidiyon kilishi a TikTok, amma mutane ba sa tsayawa. Da na duba alƙaluman bidiyon, sai na ga layin masu kallo yana faɗuwa tun kafin daƙiƙa ta uku, daidai inda nake sallama da gabatar da kaina.

Sai na sauya tsarin. Yanzu hoton farko shi ne wuƙa tana shiga tsokar nama, kyamara kusa sosai, har ana ganin naman yana buɗewa siriri kamar takarda. Muryata tana farawa tare da motsin wuƙar: "Ga abin da ke sa kilishi ya yi tauri." Wannan jumlar na rubuta ta a kan hoton, saboda masu kallo ba sauti. Na ɗaga ta sama da tsakiya, don sunan shafi da bayani suna rufe ƙasan allo.

Sallamar ban yar da ita ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Tana zuwa bayan yankan farko. Amsar kuwa ba na jan ta: kafin daƙiƙa ta goma na nuna kaurin yanka da yawan gashi. Tun daga nan layin ya daina faɗuwa da wuri, yana gangarawa sannu a hankali.