Yadda ake karanta katin rigakafin yaro a gane allurar da ta rage

Katin lafiyar yaro da ake bai wa uwa a asibitocin Najeriya da Turanci aka buga shi, kuma sunayen alluran da ke ciki yawancinsu an taƙaita su zuwa 'yan haruffa, shi ya sa iyaye da yawa suke adana shi a ƙasan akwati ba tare da sanin abin da ke rubuce a ciki ba. Karanta shi ba ya buƙatar ilimin likita. Abin da ake buƙata shi ne kalanda, da biro, da sanin wurin da ake fara lissafi.

Mataki na farko shi ne a tabbatar da ranar haihuwar da aka rubuta a gaban katin, domin kusan dukkan lissafin a kanta yake tsaye. Ma'aikatan lafiya suna fara rubuta rana, sannan wata, sannan shekara, saboda haka 3/4/2025 tana nufin 3 ga Afrilu. Idan a gida aka haihu, wani lokaci ranar da aka fara kai jariri asibiti ce ake rubutawa a gurbin ranar haihuwa, ko kuma ranar suna, wadda ke ƙara mako guda. Wanda ya ga irin wannan kuskure ya nemi a gyara tun da wuri. Haka kuma watannin da katin yake nufi na kalandar Miladiyya ne, wanda kuwa ya ƙirga wata tara da tsayuwar wata zai riga lokacin da kusan mako guda.

Mataki na biyu shi ne a buɗe shafin rigakafi a fassara haruffan, kuma ya fi sauƙi a bi su bisa shekarun yaro. A layin haihuwa akwai uku. BCG ita ce allurar tarin fuka da ake yi a saman dantsen hagu, wadda bayan wasu makonni take yin ɗan ƙurji ta bar tabo. OPV0 shi ne ɗigon shan inna da ake ɗiga wa jariri a baki, sifilin kuma yana nuna cewa wannan na haihuwa ne, ba ya cikin ukun da za a ƙirga daga baya. HepB0, wadda wasu katunan suke rubutawa HBV, allurar ciwon hanta ce, kuma an fi son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa domin ta tare cutar da jariri zai iya ɗauka daga mahaifiyarsa.

Daga nan sai zuwa uku a jere, a mako na 6, da na 10, da na 14. A kowane zuwa ana ba da OPV, da Penta, da PCV, da Rota, lambar da ke bayan sunan kuma, 1 ko 2 ko 3, ita ce ke nuna karo na nawa ne. Penta allura ɗaya ce da ta haɗa kariyar cututtuka biyar, wato mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau da ciwon huhu ga ƙananan yara. Ita ce wadda iyaye mata suka fi tunawa, domin ita ce takan sa zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. PCV ta ciwon huhu ce, Rota kuma ɗigo ne na baki da ke kare yaro daga gudawa mai tsanani. Akwai kuma IPV, allurar shan inna ta cinya, wadda yanzu ake yi sau biyu, a mako na 6 da na 14. Tsofaffin katuna suna da gurbi ɗaya kawai na IPV a mako na 14, wasu kuma ba su da gurbin Rota sam, domin sai a 2022 aka shigar da shi cikin jadawalin ƙasa. A irin waɗannan katunan za a ga ma'aikaciya ta rubuta su da hannu a gefe, kuma wannan rubutun daidai yake da na cikin gurbi.

A wata na 6 ana ba da ɗigon bitamin A, wanda ba rigakafi ba ne amma yana da nasa gurbin. A wata na 9 akwai allurar ƙyanda ta farko, wadda za a ga an rubuta Measles 1 ko MCV1, da YF ta cutar shawara, da Men A ta sanƙarau. A wata na 15 sai ta ƙyanda ta biyu, kuma ita ce aka fi mantawa da ita, domin mutane da yawa sun saba da cewa da "allurar wata tara" rigakafi yake ƙarewa. Inda aka ga MR a gurbin ƙyanda, allurar ce da aka haɗa da ta wata cuta mai kama da ƙyanda wadda ke yi wa ɗan tayi lahani idan mai ciki ta kamu da ita.

Mataki na uku shi ne a bambanta ranar da aka yi allura da ranar da aka ce a dawo. Ranar da ke cikin gurbin allura, kusa da sa hannun ma'aikaciya, ita ce shaidar an yi. Ranar dawowa tana da nata wurin, a wasu asibitocin ma da fensir ake rubuta ta. Na taɓa ganin mahaifin da ya rantse cewa an gama wa 'yarsa Penta uku, yana nuna ranaku uku a katin, ashe ta ukun ranar dawowa ce da ba a je ba. Ɗigon da ake bi gida-gida ana yi wa yara, a shafa musu tawada a ɗan ƙaramin yatsa, ƙari ne kawai, ba ya cike gurbin OPV na katin, balle ya maye gurbin Penta.

Mataki na huɗu, wanda shi ne zuciyar lissafin, shi ne auna tazara. Allurar farko ta jerin zuwa ukun nan ba a yin ta kafin yaro ya cika mako 6, wato kwana 42, kuma hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce kwana biyu bayan arba'in. Daga nan kuma tsakanin ta farko da ta biyu, da tsakanin ta biyu da ta uku, dole a samu aƙalla mako 4, wato kwana 28 cif, kuma ana ƙirga su ne daga ranar da aka yi allurar da ta gabata, ba daga ranar haihuwa ba. Lambobin 6 da 10 da 14 da aka buga a katin suna aiki ne ga yaron da bai taɓa makara ba. Dalilin tazarar shi ne jiki yana buƙatar lokaci kafin ya gama amsa allurar farko, idan kuwa aka gaggauta ta biyu ba ta ƙara ƙarfin da ake nema, har ma'aikaci yana iya ƙin ƙirga ta ya sake yin wata.

A ɗauki misalin yaron da aka haifa ranar Litinin 3 ga Maris, 2025. Mako shidansa ya cika ranar Litinin 14 ga Afrilu, domin lissafin makonni kullum a kan ranar da aka fara yake faɗawa. Asibitin unguwarsu ranar Laraba yake rigakafi, don haka katin ya nuna an yi masa Penta 1 da sauran na wannan layin ranar 16 ga Afrilu. Ranar dawowarsa 14 ga Mayu ce, amma mahaifiyarsa ta yi tafiya, ba a yi Penta 2 ba sai 2 ga Yuli. A wannan rana yaron ya riga ya wuce mako 14, duk da haka ba za a haɗa masa Penta 2 da Penta 3 ba, kuma ba za a ce ya dawo mako mai zuwa don a cike giɓi ba. Sabuwar ranarsa ita ce 30 ga Yuli. Idan aka buɗe katin ranar 10 ga Satumba aka tarar layin na uku fayau, to ya makara da mako shida daga 30 ga Yuli, kuma a zuwa ɗaya za a iya ba shi Penta 3, da OPV3, da PCV3, da Rota 3, da IPV ta biyu, da bitamin A da lokacinsa ya yi tun 3 ga Satumba. Ranar allurarsa ta ƙyanda ba ta motsa ba, tana nan 3 ga Disamba, domin ita da shekarun yaro ake lissafa ta.

Mataki na biyar shi ne yanke hukunci a kan kowane gurbin da babu rubutu, kuma ba duka ne suke nufin makara ba. Gurbin da lokacinsa bai zo ba babu abin damuwa a cikinsa. Gurbin da ranarsa ta wuce da kwana biyu ko uku saboda ba ta dace da ranar rigakafin asibiti ba, shi ma ba wani abu ba ne, sai a je ranar da ta fi kusa. Wannan ya fi faruwa da BCG da allurar ƙyanda, domin kwalbarsu ta yara da yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta dole a zubar da abin da ya rage bayan awa shida, shi ya sa wasu ƙananan asibitoci suke ware musu rana. Amma idan ranar dawowa ta wuce, ranar rigakafi ta zagayo ba a je ba, yaron ya shiga cikin waɗanda suka makara, idan kuwa abin ya kai wata guda to jinkiri ne sosai, domin duk tsawon wannan lokaci kariyarsa daga tarin shiƙa da mashaƙo ba ta cika ba.

Akwai kuma gurbin da ƙofarsa ta rufe. OPV0 da HepB0 na kwanakin farko ne, bayan mako biyu da haihuwa ba a ba da su, kuma wurinsu zai zauna babu rubutu har abada ba tare da an ƙirga shi bashi ba, domin OPV1 zuwa 3 da Penta za su ɗauki aikin. BCG ita tana da sauran lokaci, ana yi wa yaron da bai samu ba matuƙar bai cika shekara ɗaya ba.

Ko da wata shida ne ya shiga tsakanin Penta 1 da Penta 2, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba, domin jiki bai manta da wadda aka yi ba. Tsoron a ce za a sake daga farko, da tsoron faɗan ma'aikaciya, su ne suke hana mata da yawa komawa, alhali abin da za a yi bai wuce a duba rana ta ƙarshe a rubuta sabuwa ba. Mura ko ɗan zazzaɓi mara ƙarfi ba sa hana allura, sai dai a faɗa wa ma'aikaciya ta duba yaron, haka kuma a faɗa mata idan wata allura ta taɓa sa masa kumburin fuska ko wahalar numfashi. Idan katin ya ɓace ko ruwa ya ci rubutunsa, a koma asibitin da aka yi alluran da sunan yaro da ranar haihuwarsa, domin kowace allura tana cikin rajistarsu, daga nan za a kwafo ranakun a sabon kati. Wanda yake da waya mai kyamara ya ɗauki hoton shafin bayan kowane zuwa, yadda ranakun da sa hannun za su fito sarai.