Darasi na Tara: Yadda Ake Fita Daga Yarjejeniyar Gidan Motsa Jiki

Wanda ya sa hannu a takardar gidan motsa jiki, wato abin da matasan Aboabo da Asawase suke kira jim, ya ɗauki alkawarin biyan kuɗi ne, ko ya je ko bai je ba. Daina zuwa ba ya warware wannan alkawari, kuma gaya wa mai koyarwa a bakin ƙofa cewa an daina ba ya warware shi. Abin da yake warware shi yana rubuce a cikin takardar da aka sa wa hannu, galibi a shafin baya da ƙananan haruffa, kuma sharuɗɗa uku ne ya kamata mai karatu ya nema a wurin. Na farko shi ne mafi ƙarancin wa'adi, wato watannin da mutum ya yarda zai biya kafin ya sami ikon fita ba tare da tara ba. Na biyu shi ne wa'adin sanarwa, wato kwanakin da dole su wuce tsakanin ranar da ya miƙa takardar fita da ranar da za a sallame shi. Na uku shi ne kuɗin fita da wuri. Kowane gida da nasa sharuɗɗan, saboda haka lissafin da za mu yi a nan misali ne kawai, amma hanyar lissafin ɗaya ce a ko'ina.

Mu ɗauki Malam Sule, tela a Kumasi, wanda ya shiga wani gidan motsa jiki ranar 1 ga Fabrairu. Takardarsa ta ce wa'adin wata 12 ne, kuɗin wata sidi 300 ne, ana cirewa daga asusunsa na banki ranar ɗaya ga kowane wata. Ta ce mai son fita zai ba da sanarwar kwana 30 a rubuce, kuma idan kwana talatin ɗin suka shiga wani sabon wata, zai biya watan nan gaba ɗaya. Ta kuma ce wanda ya fita kafin wa'adi ya cika zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage.

A cikin watan Mayu ɗinki ya yi masa yawa, sai ya daina zuwa, amma bai rubuta takarda ba sai ranar 10 ga Yuni. Idan aka ƙirga kwana 30 daga wannan rana za a kai 10 ga Yuli, ke nan sanarwar ta shiga watan Yuli, dole ya biya sidi 300 na watan, kuma ranar sallamarsa ta zama 31 ga Yuli. Daga Fabrairu zuwa Yuli ya biya wata shida, saura wata shida, kuɗinsu sidi 1,800, rabinsu kuwa sidi 900. Saboda haka daga ranar da ya miƙa takarda, abin da zai fita daga aljihunsa shi ne 300 da 900, jimilla sidi 1,200.

Da a ce ya miƙa takardar ranar 31 ga Mayu, da kwana talatin sun cika ranar 30 ga Yuni. Kuɗin Yuni zai biya ko ta wace hanya, don haka ba ma sa shi a kwatancen. Watannin da suka rage za su zama bakwai, kuɗinsu sidi 2,100, rabinsu sidi 1,050. Jinkirin kwana goma ya ci masa sidi 150 ke nan, kuma da ya sake yin sakaci har bayan farkon Yuli, da wata 150 ɗin ta bi ta. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin mutum yakan ƙirga daga ranar da ya yanke shawara a zuciyarsa, alhali gidan yana ƙirgawa daga ranar da takarda ta shiga hannunsa.

Takardar fita ba ta buƙatar doguwar magana. A rubuta ranar wata, da cikakken suna kamar yadda yake a yarjejeniyar, da lambar katin shiga, sannan a ce ana ba da sanarwar fita bisa sharaɗin da yake cikin yarjejeniya, a kuma roƙi gidan ya rubuto ranar sallama da adadin kuɗin da ya rage. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna yana iya sa wani ya rubuta masa, muddin an karanta masa ya ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, ɗayan kuma a sa wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da ranar wata, ya buga hatimin gidan a kai. Da Malam Sule ya kai tasa, yarinyar da take zaune a teburin karɓar baƙi ta ce masa, "Malam, ka bar ta a nan, manaja ba ya nan." Ya amsa mata da cewa, "To, 'yata, ki sa mini hannu da kwanan wata a wannan, sai in bar miki waccan." Ta sa, ya ninke kwafinsa ya adana tare da rasiɗansa. Idan yarjejeniyar ta ce ta imel ake sanarwa, to ta imel za a aika, domin saƙon WhatsApp zuwa wayar mai koyarwa gidan yana iya cewa bai san da shi ba.

Akwai wata dabara da mutane suke yi wadda takan jawo musu rigima, wato su je banki su tsayar da umarnin cire kuɗin, ko su daina turawa ta Momo, su ɗauka magana ta ƙare. Tsayar da biya ba ya soke yarjejeniya, bashi ne kawai yake taruwa wata bayan wata, kuma gidan yana iya neman kuɗinsa har a gaban kotu. Tsarin da ya dace shi ne a fara da sanarwa, a biya abin da lissafi ya nuna, a karɓi rasidi da takardar sallama, sannan a je banki a soke umarnin. A wata na gaba a duba asusu, domin idan an sake cire sidi 300 bayan ranar sallama, kwafin nan mai hatimi shi ne hujjar neman a mayar.

Kafin a biya tara, yana da kyau a duba ko takardar ta yi sassauci. Wasu gidajen sukan yafe kuɗin fita ga wanda ya kawo takardar likita ko shaidar cewa an mayar da aikinsa wani gari, wasu kuma sukan yarda a dakatar da rajista na ɗan lokaci, ko da yake watannin da aka dakatar galibi ana ƙara su ne a ƙarshen wa'adi.

Ko wanda ya jure har wa'adi ya cika bai kamata ya saki jiki ba, domin yarjejeniyoyi da yawa suna sabunta kansu idan ba a ba da sanarwa ba. Wa'adin Malam Sule zai ƙare ranar 31 ga Janairu, saboda haka idan yana son ya fita a ranar ba tare da ƙarin ko kwabo ba, abin da ya fi masa aminci shi ne takardarsa ta isa gidan kafin watan Disamba ya fita.

Aikin gida: Hajiya Rabi ta shiga wannan gida da sharuɗɗa iri ɗaya ranar 1 ga Maris, ta kuma miƙa takardar fita ranar 20 ga Satumba. A rubuta ranar da za a sallame ta, da yawan watannin da suka rage mata, da kuɗin fita da wuri da za ta biya, a zo da amsar a darasi na gaba.