Jari Kaɗan, Fita Da Wuya: Kurakuran Da Ke Cinye Sana'ar Gida A Maraɗi

Mai lafiyar ƙafa idan ya yi kuskure a saye, gobe ya koma kasuwa ya gyara. Idan wani ya ci bashinsa, ya bi shi har ƙofar gida. Wanda shan inna ya taɓa, ko wanda hatsarin babur ya zaunar, ko dattijuwar da gwiwa ta hana ta tafiya, ba su da wannan damar. Duk tafiyar da sana'arsu ke buƙata, wani ne zai yi musu, kuma wannan tafiyar kuɗi ce ko da ba a rubuta ta ba. Yawancin asarar da masu sana'ar gida irin waɗannan ke yi daga nan take farawa.

Mu ɗauki mace a unguwar Bagalam mai keken hannu, ta kwashi adashi, ƴan uwa sun ƙara mata, ta haɗa jika 150. Farashin da zan kawo na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, kowa ya sa na ranar da yake saye.

Zuba jarin duka a firiza

Shawarar farko da za a ba ta ita ce ta sayi firiza ta riƙa ƙanƙara, zoɓo da ruwan leda. A ido abin ya dace da ita: tana zaune, yara na zuwa suna saye. Amma firiza ta hannu kaɗai za ta iya lashe mafi yawan jika 150, a bar ta ba kuɗin sukari, ba na leda, ba na takardar wuta. Kuma cinikin na da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu da cikin azumi ana rububin ƙanƙara, a Disamba da Janairu kuwa sai ta wuni ba wanda ya leƙo.

Babbar matsalar ita ce wuta. Lokacin zafi, da ciniki ya fi kyau, shi ne lokacin da aka fi ɗauke ta. Mutanen Maraɗi ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Mai ƙafa idan zoɓonsa ya fara ɗumi zai ɗauki kula ya nufi tasha ya karyar da farashi. Ita kuwa tana kallo zai yi tsami.

Ban ce firiza ba sana'a ba ce. Amma ta zama abin da riba ta saya daga baya. Kafin nan, idan maƙwabta na da ita, a yi yarjejeniya: a ba su wani abu duk sati, a ajiye zoɓo leda 30 a gani ko unguwar na saye. Wata guda ya isa a san gaskiya ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba.

Rashin sa kuɗin aike a lissafi

A nan nake so a dakata sosai, domin wannan kuskuren ba ya nuna kansa. Tebur na cike, mutane na saye, amma jari na raguwa ba a san dalili ba.

A ce ta zaɓi tebur a zaure: sukari, gishiri, magi, omo, ashana, man gyaɗa na ƙulli. Ta aiki ɗan ƙanwarta Babbar Kasuwa da jika 10. Idan ta ƙulla kayan ta sayar duka, ribar da ke kai sefa 1,500 ce. Kabu-kabu zuwa da dawowa ya ci 500. Yaron ta ba shi 200, don ba a aiken ɗan mutane kullum hannu banza. Leda ta ci 100. Abin da ya rage 700 ne, ƙasa da rabin abin da take zaton ta samu. Idan ta ci abinci a kan lissafin 1,500, to 800 daga jari take cirewa duk zagaye.

Gyaran shi ne a rage yawan tafiya. Kayan jika 30 a tafi ɗaya, kuɗin hawa bai wuce ya ƙaru kaɗan ba, a ce 1,000 duka har da na yaro, leda 300. Riba 4,500 ce, a cire 1,300, saura 3,200. Da sau uku aka je da jika goma-goma, 2,100 za ta samu. Kaya ɗaya ne, masu saye ɗaya, bambancin kawai sau nawa aka taka hanya.

Wannan ne ma ya sa ɗanyen kaya ba nata ba ne. Tumatir, tattasai ɗanye, kifi, duk suna son a je kasuwa kowace safiya. Busasshen tumatir, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, barkono, busasshen zogale irin wanda ake kawowa daga Jiratawa, waɗannan za su yi sati biyu a rufe ba su ce komai ba.

Abu na biyu, a tsaya ga ɗan kasuwa guda mai sari. A karɓi lambarsa, a kira shi a ji farashi kafin yaro ya fita: "Alhaji, ina kwana? Katan ɗin omo nawa ne yau? Zan turo yaro, don Allah a rubuta masa a takarda." Da takardar nan a hannu, ba a zargin yaro kan canji, kuma zumunci ya tsira. Idan an saba, ana iya tura kuɗi ta Nita ko Amana ko ta waya, shi kuma ya ɗora kayan a adaidaita da aka sani.

Bashi

Mai sana'a a gida duk masu sayenta maƙwabta ne da dangi, kuma sun san ba za ta biyo su ba. Ba mugunta ce ke sa su jinkiri ba, wanda ya zo ya tsaya a ƙofa shi ake fara biya. Hana bashi gaba ɗaya ba zai yiwu a unguwa ba, kuma zai kori mutanen da take buƙata ranar da ba ta da lafiya. Abin da ke aiki shi ne iyaka: kowa na da adadin da ba ya wucewa, a ce sefa 500, kuma ba sabo sai an biya tsoho. Ana faɗa da daɗin baki: "Inna, wallahi kuɗin kayan ba su cika ba, Alhaji na jira. Ki kawo na jiya, yanzu a ƙulla miki." Duk ranar da jimillar bashin da ke littafi ta haura ribar sati guda, a tsayar da bayarwa har ya sauko.

Ajiyar wake: inda riba take, da inda ake ɓata ta

Sauran kuɗin da tebur bai ci ba, ajiyar wake ta dace da su, don aikinta na kwana ɗaya ne, sauran jira. Ana saye da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a fitar lokacin da ya yi tsada kafin damina. Ga lissafin buhu guda mai tiya 40: tiya a jika 1, ya kama jika 40. Buhun ajiya da dako da kuɗin mai sayowa, jika 3. Bayan an sheƙe an tsince, a ce tiya 38 ta rage. In farashi ya kai 1,400, an samu 53,200, riba 10,200. Buhu biyu jika 20 ke nan da ɗan kai, a cikin wata biyar ko shida. Kuɗi ne mai kyau, amma ba ya ciyar da gida kullum, kuma akwai shekarar da farashin ba ya tashi yadda aka sa rai. Shi ya sa ba a zuba duka a ciki. Daga jika 150, buhu biyu sun ɗauki 86, tebur ya ɗauki 40, sauran 24 a ɓoye su don magani, gyaran keke, ko satin da jiki ya ƙi aiki. Wanda bai ware wannan ba, ciwon kwana biyar zai sa ya sayar da wakensa a Janairu da arha.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. A buhun banza, cikin wata biyu zuwa uku sai a tarar da huji da gari. Masu yawa na jefa ƙwayar fostoksin a ciki, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi tayar mini da hankali. Ƙwayar iska mai guba take fitarwa, tana kashe mutum. Mai wahalar motsi yawanci a ɗakin da yake kwana yake ajiye kayansa don idonsa ya kasance a kai, kuma ba zai iya fita da sauri ba idan numfashi ya fara yi masa nauyi. Kada a sa wannan ƙwaya a ɗakin da mutum ke kwana, ko kusa da shi.

Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ba ya buƙatar magani. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan Maraɗi sun yi aiki a kansa. Ƙwaron ne ke shanye iskar da ke ciki, ta ƙare masa, ya daina ci ya mutu. Don haka duk abin da ya bar iska ta shiga ya lalata aikin. A hura kowace leda a matse a ji ko tana yoyo kafin a zuba. A tsince tsinke da ɓawon da zai iya huda ta. A matse iskar sama, a murɗe bakin ledar ciki a naɗe a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje. Ɗaure su ukun da igiya ɗaya kuskure ne da ake yawan yi. Waken kuma ya bushe sarai: a zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to a mayar da shi rana.

Buhu mai tiya 40 ba ya motsuwa ga mai keke, saboda haka ranar da masu dako suka zo a sa su ɗora shi kan katako, nesa da bango saboda ɓera, a wurin da hannunta ke kaiwa ta shafa ta duba. Kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗibar tiya ɗaya don girki ko don maƙwabciya ta roƙa. Waken ci da na tebur a ware shi tun farko a jarka mai murfi, a cika ta har baki. Babban buhun a bar shi a ɗaure sai ranar da za a fara sayarwa, kuma idan an buɗe, a yi ƙoƙarin ƙarar da shi cikin ƴan makonni kafin a taɓa na biyun.